"Kuma" da "ko" a lissafin rashin daidaito: me ya sa amsar take canzawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a nan Daura. An ba mu aikin gida: 2x + 1 > 7 kuma 3x − 4 ≤ 11. Na samu 3 < x ≤ 5, aka ba ni maki. Tambaya ta gaba lambobin iri ɗaya ne sak, sai dai an sa "ko" a wurin "kuma". Na maimaita amsar farko, aka soke. A wata kuma amsar ita ce x < −1 ko x > 4, na haɗe ta na rubuta 4 < x < −1, ita ma aka soke. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Hannunki a wajen warware lissafin lafiya lau yake. Kin cire 1 daga ɓangarorin biyu kin raba da 2, kin samu x > 3. Kin ƙara 4 kin raba da 3, kin samu x ≤ 5. Har nan babu abin gyara, kuma wannan aikin ba ya canzawa ko wace kalma aka sa a tsakani. Inda aka rabu shi ne mataki na ƙarshe, lokacin da za a haɗa sakamakon biyu su zama amsa guda. Wannan matakin ba ƙari da ragi ake yi a cikinsa ba, kalmar nan ta tsakiya ake karantawa.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne x lamba ɗaya ce tilo a kowane lokaci. Ki ɗauko lamba guda, ki gabatar da ita gaban sharaɗi na farko, ya ce eh ko a'a. Ki gabatar da ita gaban na biyu, shi ma ya ce eh ko a'a. Idan "kuma" ne ya haɗa sharuɗɗan, lambar ba ta shiga cikin amsa sai duka biyun sun ce eh. Idan "ko" ne, eh guda ɗaya ta wadatar, kuma ba a kore ta sai duka biyun sun ce a'a. Ma'anar ke nan gaba ɗaya, duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Mu gwada da lambobinki, a cikin tambayar ta asali. Ɗauki 4. Sharaɗi na farko ya ba da 2(4) + 1 = 9, kuma 9 ta fi 7, eh. Na biyu ya ba da 3(4) − 4 = 8, kuma 8 ba ta wuce 11 ba, eh. Don haka 4 tana cikin amsar "kuma", tana kuma cikin amsar "ko". Yanzu ɗauki 0. Na farko ya ba da 1, wadda ba ta fi 7 ba, a'a. Na biyu ya ba da −4, wadda ba ta wuce 11 ba, eh. A ƙarƙashin "kuma" an kori 0, amma a ƙarƙashin "ko" ta shiga, tunda ta samu eh ɗaya. Ɗauki 10: na farko 21, eh; na biyu 26, a'a. Ita ma "kuma" ya kore ta, "ko" ya karɓe ta.

To ki tsaya ki nemo lambar da "ko" zai kora a wannan tambaya. Dole ta faɗi a wuri biyu: kada ta fi 3, sannan ta wuce 5. Babu lambar da za ta yi haka. Duk wadda ba ta fi 3 ba, to ba ta wuce 5 ba, ta tsira ta sharaɗi na biyu. Duk wadda ta wuce 5 ta riga ta fi 3, ta tsira ta na farko. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce dukkan lambobin da ke kan layin lambobi, daga ƙarshen hagu har ƙarshen dama. Amsar da kika rubuta ta bar 0 da 10 da ɗimbin lambobi a waje alhali sun cancanta, shi ya sa aka soke ta.

Akwai wani abu a harshenmu da ke jefa ɗalibai cikin wannan ruɗani, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Idan aka ce a gidan biki, "yara da tsofaffi su fara cin abinci," kalmar "da" tarawa take yi: ga tarin yara, ga tarin tsofaffi, an haɗa su. Ba wanda ya fahimci cewa ana neman mutum ɗaya da yake yaro kuma tsoho a lokaci guda. Amma idan aka duba mutum ɗaya aka tambaye shi dalilin da ya sa ya zauna a kan tabarmar, amsarsa ita ce shi yaro ne ko tsoho ne. Wato "da" ɗin da ke tara jama'a, idan aka mayar da shi kan mutum ɗaya, "ko" yake zama. Haka ɗaliba za ta ce a bakinta, "amsar ita ce lambobin da ke ƙasa da −1 da waɗanda ke sama da 4," kuma maganarta daidai ce. Sai ta zo rubutawa ta sa x < −1 kuma x > 4, ta rushe abin da ta faɗa, domin yanzu ta buƙaci lamba ɗaya ta cika duka biyun. Shi ya sa a nan nake amfani da "kuma" maimakon "da", don kada su cakuɗe miki.

"Ko" ma yana da nasa tarkon. In mai shago ya ce miki, "fura za ki sha ko kunu?" ɗaya yake nufin ki zaɓa. A lissafi ba haka ba ne. "Ko" na lissafi yana nufin aƙalla ɗaya, kuma idan duka biyun sun tabbata babu laifi. Shi ya sa 4 ɗin ɗazu, wadda ta cika sharuɗɗan biyu, ba a cire ta daga amsar "ko" ba. Ɗaliban da suka ɗauki "ko" na mai shago sukan cire tsakiyar, su rubuta x ≤ 3 ko x > 5, wato su jefar da lambobin da suka fi kowa cancanta.

Gwajin lambobi yana tabbatar da amsa, amma zane ne ke nuna ta gaba ɗaya, kuma gani ya kori ji. Kada ki zana sharuɗɗan biyu a kan layi ɗaya tun farko, domin layukan kan hau kan juna ki rasa wanne ne wanne. Ki ja layi biyu, ɗaya a saman ɗaya, lambobinsu suna daidai da juna. A kowane layi ki sa alama a kan iyaka: zobe mai rami a tsakiya idan alamar < ce ko >, domin iyakar ba ta ciki, ɗigo cikakke idan ≤ ce ko ≥, domin iyakar tana ciki. Sannan ki yi wa ɓangaren da ya cika sharaɗin kauri, ki sa kan kibiya a inda ya nufa.

```
x > 3    --------o==================>
x ≤ 5    <===============●-----------
                 3       5
```

Yanzu ki ɗauki rula ki tsayar da ita a tsaye, ki ja ta a hankali daga hagu zuwa dama. A kowane wuri ki ƙirga layuka masu kauri nawa rular ta taɓa. Don amsar "kuma", wurin da ta taɓa biyu kawai za ki ɗauka. Don amsar "ko", duk wurin da ta taɓa ɗaya ko biyu naki ne. A zanen nan, hagu da 3 layi ɗaya ta taɓa, tsakanin 3 da 5 biyu, dama da 5 ɗaya. Babu inda ta taɓa sifili. Ga amsoshin biyu nan a gabanki daga zane ɗaya. A kan iyakokin ki tsayar da rular ki duba da kyau: a kan 3 zobe ne a sama, kauri a ƙasa, ƙirga ɗaya ke nan, don haka 3 ba ta cikin amsar "kuma". A kan 5 kauri ne a sama, ɗigo cikakke a ƙasa, ƙirga biyu, tana ciki.

A littattafai, ɗaukar inda suka haɗu ana nuna shi da alamar ∩, tara su gaba ɗaya kuma da alamar ∪. Su ne dai alamomin da kika gani a darasin rukunoni da zanen da'irori masu shiga juna. Ta biyun kamar ƙwarya take a buɗe, duk abin da aka zuba tana karɓa. Daga nan za ki ga wata ƙa'ida mai amfani wajen duba aiki: amsar "kuma" ba ta taɓa fin kowane ɗaya daga sharuɗɗan faɗi, amsar "ko" kuma ba ta taɓa gaza kowane ɗayansu faɗi. Da kin san wannan, da kin gane kuskuren tun kafin ki miƙa littafin, domin 3 < x ≤ 5 ta fi x > 3 ƙanƙanta, ba za ta zama amsar "ko" ba.

Wasu ɗalibai kan haddace cewa "kuma" yana ba da tsakiya, "ko" yana ba da gefe biyu. Wannan haddar tana aiki a wasu tambayoyi, tana kuma kayar da mutum a wasu, domin siffar amsa ta dogara ne da inda kibiyoyin suka fuskanta. Ki ɗauki hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Mashi ta shiga Katsina ta wuce Jibiya a matsayin layin lambobi, mota ɗaya kuma ita ce x. Idan aka ce motar ta wuce Mashi kuma ba ta kai Katsina ba, kin san tana tsakanin garuruwan biyu. Idan aka ce ta wuce Mashi ko ba ta kai Katsina ba, ba a gaya miki komai ba, domin duk inda take a kan hanyar maganar gaskiya ce. Wannan shi ne yanayin tambayarki, kibiyoyi sun fuskanci juna sun ratsa juna.

Juya su su ba juna baya. Motar ba ta kai Mashi ba ko ta wuce Katsina: wuri biyu ne take iya kasancewa, ko can wajen Daura ko can wajen Jibiya, tsakiyar ce kawai aka hana. Wannan shi ne x < −1 ko x > 4. Amma a ce ba ta kai Mashi ba kuma ta wuce Katsina, wannan ba zai yiwu ga mota ɗaya ba. A lissafi amsar ita ce babu lamba ko ɗaya, ana rubuta ta da alamar ∅. Wannan amsa ce cikakkiya da ake ba maki, kada ki ji tsoron rubuta ta. Kada kuma ki rubuta 0 a madadinta, domin 0 lamba ce, kuma ita ma ba ta cika sharuɗɗan ba.

Yanayi na uku shi ne wanda haddar nan ba ta san da shi ba sam, wato kibiyoyi su fuskanci wuri ɗaya. A ce x > 2 kuma x > 6. Ɗaliba ta ga lambobi biyu, hannunta ya saba, sai ta rubuta 2 < x < 6. Gwada 4: ta fi 2, amma ba ta fi 6 ba, ta faɗi. Motar da ta wuce Mashi kuma ta wuce Katsina, a taƙaice ta wuce Katsina ne. Amsar ita ce x > 6, sharaɗin da ya fi tsauri. Idan "ko" ne, mai sauƙin ne ke cin nasara: x > 2 ko x > 6 amsarta x > 2. Ki lura in kibiyoyin hagu suka nufa, lambar da za a ɗauka tana juyawa: x < 2 kuma x < 6 amsarta x < 2, x < 2 ko x < 6 amsarta x < 6. Saboda haka kada ki haddace "a ɗauki babbar lamba". Ki zana, rula za ta gaya miki.

Yanzu ga amsarki ta uku. Rubutu mai sassa uku irin a < x < b gajarta ce, kuma abin da aka gajarta koyaushe "kuma" ne. Ana karanta shi daga tsakiya: x ta fi a, kuma x ba ta kai b ba. Babu wata hanyar gajarta "ko" a cikin sarƙa ɗaya. Abin da kika rubuta yana cewa x ta fi 4 kuma ba ta kai −1 ba, wato kin mayar da amsa mai yankuna biyu marasa iyaka ta zama amsar da babu kowa a cikinta. Hanyar kama wannan cikin daƙiƙa biyu ita ce ki rufe x da yatsa ki karanta abin da ya rage. Za ki ga 4 < −1, wanda ƙarya ne. Duk sarƙar da ta ba da ƙarya idan aka rufe tsakiyarta, ko dai babu amsa, ko an yi kuskure a hanya.

Wasu kuma don gudun wannan sai su rubuta −1 > x > 4, wanda shi ne dai abu ɗaya an juya shi, ko su rubuta −1 > x < 4, alamomin suna kallon wurare daban. Na ƙarshen nan ba rubutu ne karɓaɓɓe ba. A sarƙa alamomin biyu dole su fuskanci wuri ɗaya, kuma al'ada ita ce ƙaramar lamba a hagu. Amsar "ko" mai yankuna biyu a bar ta gida biyu, da kalmar a tsakiyarsu.

Irin wannan amsa yawanci daga lissafi mai x² take fitowa, kuma ina zaton daga can taki ta fito, domin x² − 3x − 4 > 0 tana rabuwa zuwa (x + 1)(x − 4) > 0. Lambobi biyu idan aka ninka su suka ba da abin da ya fi sifili, ko dai duka biyun suna sama da sifili, ko duka biyun suna ƙasa da shi. Dubi yadda kalmomin biyu suka shigo tare a jimla ɗaya. Hali na farko: x > −1 kuma x > 4, kibiyoyi wuri ɗaya, amsa x > 4. Hali na biyu: x < −1 kuma x < 4, amsa x < −1. Halayen biyu "ko" ne ya haɗa su, shi ya sa amsar ƙarshe ta fito gida biyu. Da alamar < ce a tambayar, amsar ita ce −1 < x < 4. Gwada 0 a cikin ta asali: ta ba da −4, ƙasa da sifili, wato tsakiyar ta alamar < ce.

Wuri na biyu da maki ke zubewa shi ne rabawa ko ninkawa da lamba mai alamar ragi. Dalilin juya alamar a bayyane yake: 2 ba ta kai 5 ba, amma −2 ta fi −5, domin wanda ake bi bashin naira 2 ya fi wanda ake bi naira 5 sauƙi. Ninkawa da −1 tana juya layin lambobi baki ɗaya, na dama ya koma hagu. Mu warware wannan tare: −3 ≤ 5 − 2x < 9. Duk abin da za a yi, sassa ukun za a yi wa. Cire 5 daga kowane sashe, ki samu −8 ≤ −2x < 4. Raba kowane sashe da −2, ki juya alamomin duka biyu, ki samu 4 ≥ x > −2. Sake rubuta ta ƙaramar lamba a hagu: −2 < x ≤ 4. A nan ki kula sosai, domin ɗan layin da ke ƙarƙashin alama yana bin lambarsa ne. Da 4 yake tun farko, da 4 zai zauna. Masu gaggawa kan musanya lambobin su bar alamomin a inda suke, su rubuta −2 ≤ x < 4, iyakoki biyun duka sun lalace.

Duba da iyakokin kansu. Sa 4: 5 − 8 = −3, kuma an yarda da −3, don haka 4 tana ciki. Sa −2: 5 + 4 = 9, kuma 9 ba ta ƙasa da 9, don haka −2 tana waje. Sa 0 daga tsakiya: 5, tana tsakanin −3 da 9. In kika manta juya alamomin za ki samu 4 ≤ x < −2, rufe x da yatsa zai nuna miki ƙaryar nan take. Kuma ki riƙe cewa juya alama ba ya taɓa kalmar haɗi. "Kuma" yana nan "kuma", "ko" yana nan "ko", ko sau nawa aka raba da lamba mai ragi.

Idan x ta bayyana a sassa daban-daban da yawa daban-daban, kamar 2x − 3 < x + 4 ≤ 3x − 2, kada ki yi ta kokawa da sarƙar. Ki tsinka ta gida biyu, sashen tsakiya ya fito a kowane gida. Na farko 2x − 3 < x + 4, ya ba da x < 7. Na biyu x + 4 ≤ 3x − 2, ya ba da 6 ≤ 2x, wato x ≥ 3. Tunda daga sarƙa suka fito, "kuma" ne tsakaninsu: 3 ≤ x < 7.

Akwai wuri ɗaya da kalmar haɗi take canzawa, kuma misalinsa yana asibitin unguwarku. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salsiyos. Idan T shi ne abin da ma'aunin zafi ya nuna, lafiyar maganin ita ce T ≥ 2 kuma T ≤ 8. Ma'aikaciyar lafiya ta buɗe firji da safe ta duba ma'auni. Yaushe hankalinta zai tashi? In wuta ta ɗauke cikin zafin bazara ma'auni ya hau 12, akwai matsala. In firjin ya yi sanyi fiye da kima ya sauka 0, nan ma akwai matsala, domin daskarewa tana lalata wasu alluran. Ba sai duka biyun sun faru ba, ba ma za su faru tare ba. Don haka akasin sharaɗin shi ne T < 2 ko T > 8. Abu uku suka canza lokaci guda: kowace alama ta juya, iyakar da take ciki ta koma waje, "kuma" ya zama "ko". Ana kiran wannan ƙa'idar De Morgan, da sunan masanin lissafi na Birtaniya na ƙarni na 19. Tana aiki ta ɗaya gefen ma: akasin x < −1 ko x > 4 shi ne x ≥ −1 kuma x ≤ 4. Duk lokacin da tambaya ta ce a nemo lambobin da ba su cika sharaɗi ba, wannan ake nufi.

Misalin firjin yana bayyana lissafin tazara ma. Tsakiyar 2 da 8 ita ce 5, kowace iyaka tana nesa da ita da 3. Cewa zafin bai yi nisa da 5 fiye da digiri 3 ba shi ne |T − 5| ≤ 3, kuma wannan "kuma" ne, yanki ɗaya kewaye da 5. Cewa ya yi nisa fiye da haka shi ne |T − 5| > 3, wannan "ko" ne, domin ana iya yin nisa ta sama ko ta ƙasa.

Saura yadda za ki rubuta amsar. In an nemi rubutun baka, baka mai lanƙwasa tana madadin zobe, mai kusurwa tana madadin ɗigo cikakke. Amsarki ta farko ita ce (3, 5]. Ta biyu (−∞, ∞). Ta uku (−∞, −1) ∪ (4, ∞). Alamar ∞ ba lamba ba ce da za a isa gare ta, don haka bakarta koyaushe mai lanƙwasa ce. Ki kuma karanta ƙarshen tambaya da kyau, domin sau da yawa ana ƙara cewa x cikakkiyar lamba ce, ba mai ɓurɓushi ba. A wannan halin 3 < x ≤ 5 tana nufin 4 da 5 kawai. In ba a faɗi haka ba, 3.1 da 4.75 duk suna ciki, kuma lissafa 4 da 5 kaɗai kuskure ne.

Tambayoyin da suka fi kama ɗalibai su ne waɗanda iyakokin biyu lamba ɗaya ce, domin komai ya rataya ne a kan ɗigo guda. Tsayar da rula a kan 4 a kowane ɗaya daga waɗannan. A x ≤ 4 kuma x ≥ 4, ɗigo cikakke ne sama da ƙasa, ƙirga biyu a wannan wurin kaɗai, amsar lamba ɗaya ce: x = 4. A x < 4 kuma x ≥ 4 babu inda ƙirga ta kai biyu, amsar ∅. A x < 4 ko x ≥ 4 ɗigon ƙasa ya toshe ramin zoben sama, amsar dukkan lambobi. A x < 4 ko x > 4 zobe ne sama da ƙasa, 4 ba ta samu eh ko ɗaya ba, amsar dukkan lambobi ban da 4.

Ga ɗaya ki gwada da kanki kafin darasi na gaba: 1 − 3x > 7 da 2x + 5 ≥ 1. Ki warware kowanne daban, ki zana layi biyu, ki fitar da amsar "kuma" da ta "ko". Iyakokin biyu za su faɗo a kan −2, don haka ki sa −2 a cikin kowane sharaɗi na asali ki ga abin da ya ce, sannan ki gwada −5 da 0.